Idan an tura ka akwatin saƙon murya: ka katse, ka yi tes, ko ka bar saƙo?

Ka kira wani, wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba, sai ka ji muryar da aka naɗa tana cewa ka bar saƙonka bayan ƙarar. Cikin daƙiƙa uku ko huɗu za ka yanke shawara, kuma yawancinmu abin da ya fara zuwa hannu muke yi. Wani ya katse, yana cewa ai zai ga kiran. Wani ya ce "ni ne, ka kira ni" ya ajiye. Wani ya buɗe baki ya zayyana labarin tun daga tushe har na'urar ta yanke shi. Wani kuma ya katse ya rubuta tes. Akwai hanya ta biyar, wadda ita ce nake goyon baya a mafi yawan lokuta: gajeren saƙo mai ɗauke da suna, dalilin kira, da lambar waya, a faɗe su a sarari kuma a tsanake. Amma ba ko'ina ta fi ba, shi ya sa nake so in jera ta da sauran, a ga inda ta yi nasara da inda ya kamata a bar ta.

Na daɗe ina aiki a teburin karɓar baƙi, inda aikina na farko kowace safiya shi ne sauraron saƙonnin da suka taru cikin dare. Abin da wannan kujera ta koya min shi ne mai sauraron saƙo ba ya zaune kamar mai jin labari. Waya na maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗarsa, hannu ɗaya riƙe da biro, ɗayan yana danne takarda, kuma akwai wasu saƙonni a layi bayan naka. Tambayoyi uku ne a kansa: wane ne wannan, me yake so, ta ina zan same shi. Duk hanyar da za ka zaɓa, ka auna ta da wannan hannun mai riƙe da biro.

Mu fara da katsewa, domin ita ce mafi sauƙi kuma ita ce mutane suka fi dogara da ita. Hujjar mai katsewa ita ce lambarsa za ta fito a wayar wanda ya kira. Tsakaninka da ɗan'uwanka ko abokinka da ya ajiye sunanka a wayarsa, wannan gaskiya ne, kuma babu dalilin ɓata lokacinsa da saƙo. Amma a lura da yanayin da ke kai kira akwatin saƙo. Kamfanonin waya suna karkatar da kira zuwa can ne a yanayi uku: idan ba a ɗauka ba, idan mutum yana kan wani kiran, ko idan wayar a kashe take ko ba ta samun sabis. A yanayi na uku kiran bai taɓa isa wayar ba sam, don haka ba zai fito a jerin kiran da aka rasa ba, sai dai idan kamfanin yana aiko da tes na sanarwa daga baya. Kai kana can kana jiran a kira ka, shi kuwa bai ma san ka nema shi ba.

Ko da lambar ta fito, ba lallai ta zama wadda za a same ka da ita ba. Idan daga wayar ofis ka kira, sau da yawa babban layin ma'aikatar ne ke bayyana, wanda ya bi ta zai faɗa hannun mai karɓar kira, kuma ba shi da sunan da zai nema. Idan aron waya ka yi, lambar mai wayar ce. Sannan ga halin da mutane suka shiga yanzu saboda yawan kiran 'yan damfara da masu talla: baƙuwar lamba wadda ba ta bar bayani ba, da yawa ba sa bin ta. A ofis kuma abin ya fi haka. Wanda ya saurari saƙo ba kasafai shi ne zai amsa ba. Yana rubutawa ne a 'yar takarda ya miƙa wa wani. Kiran da aka katse ba shi da abin da za a rubuta a takardar.

Saƙon "ni ne, ka kira ni" ɗan'uwan katsewa ne, sai dai ya fi ta ɗaure kai. Mai shi yana ganin muryarsa ta isa shaida. A waya murya takan sauya, kuma mai sauraro na iya sanin mutane biyar masu irin muryarka. Ko ya gane ka, bai san ko abin gaggawa ne ko gaisuwa ba, don haka ko dai hankalinsa ya tashi ba dalili, ko ya ajiye ka a ƙarshen layi. Jimla ɗaya ta dalili ita ke ba shi damar sanin inda zai sa ka a cikin ranarsa, kuma ita ke sa ya kira ka da amsa a hannu. Idan ka ce batun takardar da ka aika ranar Litinin ne, zai nemo ta kafin ya danna lambarka, kiran minti ɗaya ya gama magana. Idan ba ka faɗa ba, zai kira ya ji, ya ce bari ya duba, ya sake kira, wataƙila a lokacin kai ma ba ka kusa.

Dogon saƙo matsalarsa dabam ce, kuma ina tausaya wa masu yin sa, domin yawanci mutane ne masu son a fahimce su. Suna jin idan ba su faɗi komai ba za a raina bukatarsu. Amma kowane akwatin saƙo yana da iyakar tsawon da yake naɗa, iyakar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma kai mai kira ba ka san ta ba. Mai dogon bayani kusan kullum a ƙarshe yake ajiye lambarsa, wato daidai wurin da wuƙar na'ura ke faɗawa. Na sha jin saƙo mai cike da bayani, an faɗi komai dalla-dalla, sai a ce "lambata ita ce sifili..." sai ɗif. Ko ba a yanke ba, akwai wahalar maimaitawa. A akwatin saƙo na gargajiya, wanda ake kira a saurara, ba ka ganin saƙon balle ka ja shi zuwa inda kake so da yatsa. Idan alƙalami ɗaya na lambar ya kuɓuce maka a ƙarshen saƙon minti biyu, sau da yawa sai ka sake jin minti biyun. Wanda ya yi haka sau biyu bai samu ba, a karo na uku sai ya wuce zuwa saƙo na gaba.

Akwai wuri ɗaya da dogon saƙo yake da hujja: idan ba ka bukatar a kira ka, sanarwa kawai kake bayarwa, kuma ka tabbata babu wata hanyar da za ta isa. Misali ka sanar cewa taron gobe an ɗage shi zuwa jibi ƙarfe 10. A nan ma tsawon bai kamata ya wuce abin da za a rubuta a layi biyu ba, kuma ka faɗi tun farko cewa ba sai an kira ba.

Abokin takarar gajeren saƙo na gaske shi ne tes, kuma gaskiya a wurare da dama tes ya fi. Rubutacciyar lamba ba a jin ta ba daidai ba. Ana taɓa ta ta kira kanta. Sunanka yana nan da haruffansa, ba a rikita shi da na wani. Mutumin da ke cikin taro zai iya leƙa tes a ƙarƙashin tebur, amma ba zai iya kara waya a kunne ba. Mutane da yawa ma ba sa buɗe akwatin saƙon muryarsu sam, wasu ba su taɓa saita shi ba. Idan adireshi za ka bayar, ko imel, ko doguwar lambar rasit, kada ka wahalar da kowa da murya, rubuta kawai. Abin lura ɗaya ga mai rubutu da Hausa: tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa irin ɓ, ɗ ko ƙ, wayar takan sauya tsarin rubutun, iyakar ta koma 70, saƙon ya rabu gida biyu ko uku. Zai isa, sai dai ka san dalilin da ya sa ɗan gajeren rubutu ya zama tes uku.

To ina tes ya gaza? Na farko, layin tebur na ofis, asibiti ko makaranta yawanci ba ya karɓar tes. Za ka tura, ya tafi inda babu mai gani. Na biyu, tes daga baƙuwar lamba yana da saurin zama abin zargi, alhali murya tana ɗauke da shaidar cewa mutum ne na gaske, mai natsuwa, mai bukata ta gaske. Na uku, idan wanda ka kira ya faɗa da bakinsa a cikin gaisuwar da ya naɗa cewa a bar suna da lamba, to ya gaya maka hanyar da yake aiki da ita, kuma a wurare da yawa akwai wanda aka ɗora wa alhakin sauraron akwatin. Na huɗu, akwai mutanen da karatu a ƙaramin allo ke ba su wahala, saboda ido ko saboda shekaru. Ga wayar hannu ta mutumin da ba ka saba da shi ba, abin da na ga ya fi aiki shi ne haɗa biyun: gajeren saƙon murya, sannan tes na layi ɗaya mai sunanka da lambarka. Muryar ta gabatar da kai, rubutun ya ɗauke wa biro aiki.

Yanzu a ce ka zaɓi barin saƙon. Kalmar "a sarari" da "a tsanake" ba ado ba ne, suna da dalili a cikin yadda waya ke ɗaukar sauti. Layin waya na gargajiya yana wuce da sautin da ke tsakanin hez 300 zuwa 3,400 ne kawai a ma'aunin kaifin sauti, abin da ya haura haka a yanke shi. Wasula suna rayuwa lafiya a cikin wannan tazara, amma baƙaƙe masu huci irin "s" da "f" yawancin ƙarfinsu a sama yake, don haka su ne ke fara dushewa. Wayoyin zamani kan ba da murya mai faɗi idan duka ɓangarorin suna da tsarin, amma ba ka da tabbacin cewa haka aka naɗi saƙonka, kuma wayar hannu tana ƙara matse sauti idan sabis ya yi rauni. A hira ta baki da baki ba ma lura, domin ma'anar jimla tana cike mana gurbin abin da ya ɓace. Suna da lamba kuwa ba su da jimlar da za ta cece su. Idan alƙalami ya dushe, babu wata ma'ana da za ta gaya maka ko wanne ne.

Dubi ƙidayarmu ta Hausa da wannan idon. Bakwai da takwas: tsakiyarsu ɗaya ce, bambancin yana ga baƙin farko da kuma "s" ɗin ƙarshe, wato daidai sautin da waya ke cinyewa. Biyu da biyar sun fara iri ɗaya, sai a gaɓar ƙarshe suka rabu, kuma mai sauri gaɓar ƙarshe yake haɗiyewa. Uku da huɗu duk wasulansu "u" ne, idan "h" ya ɓace sun kusa zama abu ɗaya. Waɗannan shida su ne tarkon, kuma da wuya ka samu lambar waya da babu ko ɗaya daga cikinsu. Maganin shi ne ka cika kowace kalma har ƙarshenta: ka bar "r" na biyar ya fito, ka ja "s" na takwas kaɗan. Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Matuƙan jirgin sama da masu kula da su a rediyo suna karanta lambobi ɗaya bayan ɗaya, har ma sun sauya yadda ake furta tara a Turanci don kada ta yi kama da biyar.

Daga nan za a ga dalilin da ya sa karanta lamba ɗaiɗai ya fi karanta ta a dunƙule. Wanda ya ce "talatin da takwas" ya ba mai sauraro aiki biyu, ya ji sannan ya mayar da ita 3 da 8, ga kuma talatin da tamanin da ke kama da juna a layi mara kyau. Wanda ya ce "ɗari biyu da biyar" ya ɓoye sifilin da ke tsakiya, mai rubutu na iya sa 25 maimakon 205. Mafi haɗari shi ne yadda ake faɗin alƙalami mai maimaituwa. Idan ka ce "uku biyu" kana nufin uku guda biyu, mai sauraro zai rubuta 3 da 2. Ko ka ce "uku sau biyu", idan "sau" ta dushe, kuskuren ɗaya ne. Ka ce "uku, uku" kawai, kowanne da numfashinsa. Kuma ka tsaya a harshe ɗaya. Wanda ya fara lamba da Hausa ya ƙarasa da wani harshe yana sa kunnen mai sauraro ya yi tuntuɓe a tsakiya.

Ɗaiɗai ba yana nufin a jero su kamar tsakuwa ba tare da tsayawa ba. A 1956 masanin halayyar ɗan'adam George Miller ya yi fice da bayanin cewa abin da mutum ke iya riƙewa a kai a lokaci guda bai wuce abubuwa bakwai ba, a ƙara biyu ko a rage biyu, kuma masu bincike na baya, irin su Nelson Cowan a 2001, sun ce adadin ya fi kusa da huɗu. Lambar waya da yawa sun haura wannan. Idan aka haɗa da lambar ƙasa, ƙa'idar duniya ta yarda ta kai alƙaluma 15. Shi ya sa ake yanka ta gida-gida, uku-uku ko huɗu-huɗu, yadda aka saba rubuta ta, a tsaya bayan kowane gida har biro ya kamo baki. Hanyar da nake koya wa kowa ita ce ka rubuta lambar da yatsanka a kan tebur ko a cinyarka yayin da kake faɗin ta. Bakinka ba zai wuce yatsanka ba, kuma saurin yatsanka shi ne saurin mai rubutu a can. Tsayawar kada ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin akwatuna da yawa suna ɗaukar dogon shiru a matsayin an gama, su rufe naɗin.

Akwai dalilin da ya sa lamba ce ake fi yin sauri a kanta. Ita ce abin da mai magana ya fi haddacewa a duk saƙon, ya faɗe ta sau ɗaruruwa, tana fita daga bakinsa kamar kalma guda. Kuma ita ce abin da mai sauraro bai taɓa ji ba. Haka ma suna. Don haka saƙon da yawa juye suke: a yi jinkiri a wurin bayani, inda ake laluben kalma, a yi gudu a wurin suna da lamba. Daidai shi ne akasin haka.

Sunan ma yana da tarkonsa. Aminu da Amina wasali ɗaya ya raba su, Hassan da Hassana haka, kuma wasalin a ƙarshe yake, inda murya ke sauka. Ka faɗi cikakken suna, na farko da na biyu, da ɗan tsayawa a tsakani, kuma ka faɗi sunan da wurin ya san ka da shi, wato wanda ke kan fom ko kati, ba wanda ake kiranka da shi a gida ba. Idan wanda ka kira ba ya jin harshenka kuma sunan baƙo ne a kunnensa, ka jero haruffan na biyun. Kada suna ya zama kalmar farko da za ta fito daga bakinka. Mutane kan fara magana kafin ƙarar ta gama, sai farkon ya guntule. Gajeriyar sallama tana tsare wannan wurin: idan wani abu zai ɓace, gara ita ta ɓace maimakon sunanka. Gajeriya nake nufi, domin tambayar lafiya da gajiya tana bukatar mai amsawa, kuma a nan babu shi.

Sai tambayar da aka fi saɓani a kanta: a ina za a sa lambar? Masu sa ta a ƙarshe suna da hujja mai kyau. A lokacin mai sauraro ya riga ya san ko wane ne kai da abin da kake so, ya yanke shawarar zai kira, ya ɗauko biro. Lambar da aka faɗa a daƙiƙa ta biyar takan zo ne yana laluben takarda. Masu sa ta a farko su ma suna da tasu: idan an yanke saƙon ta tsira, kuma idan za a maimaita, daƙiƙa goma na farko sun wadatar. Ni ina ganin tsawon saƙon ne ke raba gardamar. Idan dalilinka jimla ɗaya ce, sa lambar a ƙarshe ka faɗe ta sau biyu a jere, na farko don rubutawa, na biyu don dubawa. Idan dalilin zai kai jimla uku ko huɗu, faɗe ta sau ɗaya bayan sunanka, sau ɗaya a ƙarshe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sau ɗaya tak, ko a ina ne. Sabis na iya tsinkewa na rabin daƙiƙa ba tare da ka sani ba, kuma rabin daƙiƙa alƙalami guda ne.

Bari mu gwada da abu guda. A ce sunanka Aminu, kana da ganin likita ranar Alhamis ƙarfe 9, wani uzuri ya taso, kana so a sauya maka rana. Ka kira da yamma bayan an tashi, aka tura ka akwati. Layin tebur ne, don haka tes ba zai yi ba. Katsewa ba za ta soke maka komai ba, za a rubuta cewa ba ka zo ba. Ga yadda irin wannan saƙon ya saba zuwa min:

"Salamu alaikum, e, ina fata an wuni lafiya, dama na zo ne makon jiya, to aka ce in dawo, to sai ga shi wani abu ya taso, ɗan'uwana ne za a yi tafiya da shi, ban sani ba ko zai yiwu a ɗan duba min, ko wani makon ko yaya, duk yadda aka ga ya dace dai. Aminu ne. A kira ni a wannan lambar. Na gode."

Mutumin kirki ne, kuma ya yi ladabi, amma dubi abin da ke kan takardata bayan ya gama: suna ɗaya, wanda ban tabbata ko Aminu ne ko Amina ba da a ce muryar ba ta fito sosai ba, babu rana, babu lokaci, kuma "wannan lambar" ba ta cikin naɗin. Sai in buɗe littafin mako guda ina neman duk mai wannan suna. Ga shi kuma yadda zai zo a gyare. Zan nuna alƙaluma shida na ƙarshe ne kawai, na misali, 278 525:

"Salamu alaikum. Sunana Aminu, (sai sunan mahaifi). Ina da ganin likita ranar Alhamis ƙarfe tara na safe, ina so a mayar min da shi mako mai zuwa. Ana samuna daga ƙarfe biyu zuwa biyar na yamma. Lambata ita ce ... biyu, bakwai, takwas ... biyar, biyu, biyar. Zan maimaita ... biyu, bakwai, takwas ... biyar, biyu, biyar. Aminu ne. Na gode."

A lissafa lokacin. Sunayen alƙaluma a Hausa daga ɗaya zuwa tara duk gaɓa biyu-biyu ne, sifili ne kawai mai uku, don haka daƙiƙa ɗaya ga kowane alƙalami sauri ne mai daɗin rubutu. Lamba mai alƙaluma 10 da tsayawa biyu za ta ci wajen daƙiƙa 12, sau biyu 24. Sauran maganar ba ta wuce daƙiƙa 15 ba. Jimla kusan 40 ke nan, kuma fiye da rabinta lamba ce. Haka ya kamata rabon ya kasance. Wanda yake so ya rage tsawon saƙo, ya rage daga bayani, kada ya rage daga lamba.

A lura da abin da saƙon ya bari a waje. Bai faɗi dalilin tafiyar ba, domin mai littafin ba ya bukatarsa kafin ya sauya rana. Bai faɗi ciwon da ya kai shi asibiti ba, kuma wannan da gangan ne. Ba ka san wanda zai saurari saƙo ba, ba ka san ko a lasifika za a kunna shi a ɗaki mai mutane ba, kuma naɗi yana zama har sai an goge shi. Sakamakon gwaji, bashi, rikicin iyali, lambar sirri ta banki, duk ba na akwatin saƙo ba ne. Mummunan labari kamar rasuwa ma haka. Ka ce abu ne mai muhimmanci, a kira ka yau, ka bar sauran sai an haɗu a layi. Dalili a saƙon murya kan magana ne kawai, gwargwadon abin da zai sa a nemo fayil ɗin da ya dace. Saƙon Aminu ya ƙara abu ɗaya da ba ya cikin ukun, wato lokacin da ake samunsa, kuma wannan ƙarin yana biyan kuɗin daƙiƙoƙinsa, domin shi ke hana ku yi ta saɓani kuna bar wa juna saƙo. Idan da wa'adi, a faɗe shi da sunan rana. "Gobe" a saƙon da aka saurara bayan kwana biyu ta zama jiya.

Ta yaya za ka san ko naka saƙon yana fita? Naɗi kanka a wayarka kana faɗin suna da lamba yadda ka saba, ka ba wani wanda bai haddace lambarka ba biro da takarda, ka kunna masa sau ɗaya. Idan ya ce a sake, ko ya ɗago kai a tsakiya, ka ga inda kake gudu. Yawanci a gidan ƙarshe ne, inda numfashi ke ƙarewa murya ta faɗi. Gyaran shi ne ka shaƙi iska kafin ka fara lambar, ka riƙe ƙarfin muryar har alƙalamin ƙarshe. Ɗaga murya ba ya ƙara fitowa, yakan ma sa sautin ya fashe. Abin da ke taimakawa shi ne ka cire wayar daga lasifika, ka juya wa iska baya, ka matsa daga hayaniya. Akwatuna da dama suna ba ka damar jin abin da ka naɗa ko ka sake shi kafin ka ajiye, kuma muryar da ke jagora takan faɗi maɓallin da za a danna, don haka yana da kyau a saurare ta har ƙarshe ko sau ɗaya.

Idan kwana ɗaya na aiki ya wuce ba a kira ba, kada ka cika akwatin da saƙo biyar. Akwati yana cika, kuma idan ya cika ba ya karɓar na kowa. Ka sake kira sau ɗaya a wani lokaci dabam na rana, idan an sake tura ka akwati ka ce wannan shi ne saƙo na biyu kan magana kaza, ka sake faɗin lambar sau biyu kamar ba ka taɓa faɗa ba, domin wataƙila ita ce ba ta fito ba a karon farko. Bayan wannan sai ka sauya hanya: tes idan wayar hannu ce, imel ko zuwa da ƙafa idan ofis ne.